Ranar farko a sabon ɗaki: me za ki faɗa wajen miƙa aiki?

Nas ɗin da aka yi wa canjin wajen aiki zuwa Babban Asibitin Funtua ko na Malumfashi, ko aka ɗauke ta daga wani ɗaki zuwa wani, takan kwana tana shirya jawabi. Ki ajiye jawabin. Lokacin miƙa aiki na safe ba naki ba ne, na masu dutin dare ne, waɗanda suka kwana a tsaye, ba abin da suke so sai su karanta rahoto su tafi gida. Rabonki a ciki bai wuce minti ɗaya ba, kuma ya isa.

Ki iso kafin lokaci, ki nemi shugabar ɗakin ki gaishe ta, ki nuna mata takardar da aka turo ki da ita. Ita ce za ta ba ki fili, ko dai kafin a buɗe littafin rahoto ko bayan an rufe shi. Kada ki kutsa a tsakiya. Idan ta girme ki sosai, ki saurari yadda sauran ke kiranta, Sista ko Anti ko Hajiya, ki bi sahu. Namiji kuwa Malam ya wadatar har ki san muƙaminsa.

A ce nas ce da ta yi makarantar ungozoma ta Malumfashi, ta jima a ɗakin haihuwa, sai aka mai da ita ɗakin yara a watan Satumba. Ga abin da ya dace ta faɗa bayan sallama: "Ina kwananku, sannunku da aiki. Sunana wance, daga ɗakin haihuwa aka turo ni. Na saba da ƙarin jini da kula da jarirai, amma sa kanula a hannun yaron da ruwan jikinsa ya ƙare, da lissafin maganin yara bisa nauyi, na kwana biyu ban yi ba. Ina roƙon a haɗa ni da wadda ta ƙware a wannan makon." Shi ke nan.

Maganar abin da ba ki saba da shi ba ita ce mai nauyi a baki, kuma ita ce mafi amfani. Shugabar ɗaki da abin da kika faɗa za ta raba gadaje. A ƙarshen damina ɗakin yara a wannan yanki cike yake da masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, daga Bakori da Ɗanja da Ƙafur da ƙauyukansu, da yawansu sai an sha wahala a gida ake kawowa, ga jijjiga ga ƙarancin jini. Allurar atesunet da ake yi masu sau uku ce a farko: nan take, bayan awa 12, sannan bayan awa 24. Yaron da bai kai kilo 20 ba ana ba shi miligiram 3 a kowane kilo, wanda ya kai kuma 2.4. To yaro mai kilo 12 da aka yi wa ta farko da ƙarfe 9 na dare, miligiram 36 yake jira da ƙarfe 9 na safe, wato jim kaɗan bayan kin gama gabatar da kanki. Idan kin nuna kin iya komai, za a bar maki gadon ke kaɗai, kunya kuma ta hana ki tambaya. Idan kin faɗi gaskiya, wata za ta tsaya kusa da ke ku duba lissafin tare.

Abin da ya fi ɓata wa baƙuwa suna shi ne "a can inda na baro ba haka muke yi ba." Ko da kin fi su gaskiya, ba ranar ba ce, sai fa in abin zai cutar da majinyaci, wannan kam a faɗa nan take. Jero takardun shaida da shekarun aiki ma bai da amfani, metiron ta riga ta gani a fayil. Idan kika ga masu dutin dare sun fara duba agogo ko tattara jakunkuna, kin zarce.

Sannan ki fito da biro da takarda, ki bi su gado-gado. Ki rubuta wanda ke kan iskar oksijin, da wanda ke jiran jini, da lokacin allura ta gaba. Kafin na dare su fita ki tambayi inda ake ajiye magungunan gaggawa, da wanda ke riƙe da makulli, da likitan da za a kira yau. Masu shara da masu taimaka wa majinyata ma ki gaishe su ki faɗa masu sunanki, don su suka san inda tukunyar oksijin mai cike take idan wuta ta ɗauke.

Uwayen da ke jinya kuwa, a kowane gado ki ce, "Mama, ni ce zan duba yaronki yau, in kin ga wani canji ki kira ni." Ki faɗa mata sunanki sau biyu, don ta san wa za ta kira.