Biyan ƙari da wuri: kuɗin ruwa nawa zai rage maka?

A bashi mai dogon zango, kamar na gina gida, kowane wata banki yana lissafa kuɗin ruwa ne a kan abin da ya saura na uwar kuɗi. Shi ya sa a shekarun farko ruwan ke cinye mafi yawan abin da kake biya.

A ce ka karɓi naira miliyan 10 a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari a shekara, za ka biya cikin shekara 20. Biyan wata zai kama naira 71,643. A watan farko 50,000 ruwa ne zalla, 21,643 kaɗai ke taɓa uwar kuɗi.

To, idan ka ƙara naira 500,000 a ƙarshen shekarar farko, kuma ba ka rage biyan wata ba, bashin zai ƙare kusan wata 21 kafin wa'adi, ka tsira da ruwan kimanin naira 980,000. Amma idan sai ƙarshen shekara ta 15 ka ƙara wannan kuɗi, abin da za ka tsira da shi bai wuce 161,000 ba. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Kafin ka biya, duba takardar yarjejeniya ko akwai tarar biya kafin lokaci. Ka rubuta wa banki cewa a cire ƙarin daga uwar kuɗi, kada a ajiye shi a matsayin biyan watanni masu zuwa. Sannan ka nemi sabon jadawalin biya. Idan uwar kuɗi ba ta ragu da 500,000 cif ba, koma ka tambayi dalili.