Yadda Ake Zaɓen Gidajen da Za a Tambaya Idan Babu Jerin Sunaye

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Jibia ran Lahadi ya ga yadda dillalin hatsi yake yi da buhun gero, domin ba ya zazzage buhu ya duba ƙwaya ɗaya ɗaya, sai dai ya zura hannu ya ɗebo daga sama da tsakiya da can ƙasa, sa'an nan ya yanke hukunci a kan buhun duka. Haka masu bincike suke yi idan suna son sanin halin jama'a, misali gida nawa ne ke shan ruwan rijiya: sukan tambayi kaɗan, su ƙiyasta na sauran. Amma sharaɗin ingancin wannan ƙiyasi shi ne kowane gida ya zama yana da rabo sananne na faɗowa cikin zaɓen, kuma wannan yakan yi sauƙi ne idan akwai takardar da ta jera gidajen gari kaf, abin da ba za a samu a Jibia ba.

Dalilin rashin ba ɓoyayye ba ne. Rabon da a yi ƙidayar jama'a a Nijeriya tun 2006, alhali gari ya faɗaɗa, ambaliyar watan Yuli na 2018 ta rushe gidaje masu yawa ta sauya wa mutane mazauni, waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka sun raɓe a gidajen dangi, ga kuma Magama, bakin iyaka, inda jama'a ke ƙaruwa ko raguwa gwargwadon buɗewar hanyar Maraɗi, wadda aka rufe a 2019 aka sake rufewa a 2023. Dattawa za su tuna da takardun haraji na masu unguwanni, to, waɗannan an daina su tun da aka soke haraji a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, kuma ko a zamaninsu maza baligai kaɗai suke ƙirgawa.

Dabarar ita ce a bar neman sunayen mutane a koma ga ƙasa, saboda mutum yana ƙaura, amma fegi yana nan inda yake. A sami taswirar gari, ko hoton da tauraron ɗan Adam ya ɗauka daga sama, a yayyanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da iyakar da ido ke gani, kamar titi ko kwalbati ko katangar makaranta, ta yadda babu taƙin ƙasar da zai faɗa cikin gunduwa biyu, babu kuma wanda za a bari a waje, har rumfunan bayan tasha da bukkokin gefen gari. Ana zaga gari ana ƙirga ƙofofin zaure sama-sama, don gunduwoyin su zo kusan daidai.

Bari mu buga misali, kuma adadin nan na koyarwa ne kawai. A ce an sami gunduwa 60, kowace da iyali wajen 100, ana son a ziyarci 20. Sai a ba su lamba bi da bi, daga wannan gefen gari zuwa wancan, a rubuta 1 da 2 da 3 a ƙananan takardu, a jefa cikin hula, yaro ya zaro ɗaya. In 2 ta fito, an ɗauki gunduwa ta 2, ta 5, ta 8, haka ana tsallake bibbiyu har ta 59. Ƙuri'a ba baƙuwar aba ba ce a wurinmu, malaman fiƙihu sun san ta a babin rabon dukiya tsakanin magada, kuma hikimarta ɗaya ce a can da nan, wato ta cire son zuciya daga hannun mai rabo.

A cikin gunduwoyi ashirin ɗin nan kaɗai za a rubuta jerin da aka rasa, kuma nan ne aikin yake da wuya. Gida a ƙasar Hausa ba iyali ɗaya ba ne kullum. Zaure guda yana iya shigar da kai wurin tsoho da 'ya'yansa uku masu aure, waɗansu suna gandu suna ci tare, wani kuwa ya ware da tukunyarsa, ga ɗan haya a ɗakin soro. Saboda haka abin da ake ƙirgawa tukunya ce: waɗanda suke kwana a gida ɗaya suna ci daga tukunya ɗaya su ne iyali guda. Wanda ya ƙirga ƙofa ya ɗauki iyali ɗaya a bayan kowace, ya tauye mazauna manyan gidaje ke nan, ya fifita masu gidan kansu. Lalle ne kuma a sa mata cikin masu rubutun, tun da namiji baƙo iyakarsa zaure, matan gida kuwa su suka san tukwane nawa ake ɗorawa. Game da baƙi, a yanke ƙa'ida tun kafin a fita, a ce wanda ya yi wata shida a gidan, ko ya zo da niyyar zama, ɗan gida ne ko da daga Ɗan Isa ya ƙetaro iyaka, amma direban da ke jiran a sallami motarsa ba ya ciki.

Idan jerin ya kammala, sai a sake jefa ƙuri'a tsakanin 1 da 10, a fara daga lambar da ta fito, a riƙa ɗaukar iyali ɗaya cikin kowane goma. Rabon kowane iyali ya zama ɗaya cikin uku na gunduwa, sa'an nan ɗaya cikin goma na jeri, wato ɗaya cikin 30, ma'ana kowane iyalin da aka tambaya yana wakiltar talatin. In an tarar wata gunduwa ta cika da 'yan gudun hijira har ta kai iyali 160, sai a ɗauki 16, kada a tsaya a goma don neman sauƙi, domin tsayawar za ta rage muryar waɗanda suka fi cunkoso. In a ƙarshe an tambayi iyali 200, aka sami 50 suna shan rijiya, ƙiyasin gari shi ne 50 sau 30, wato 1,500. Mai karatu zai ce me ya hana a ɗauki gunduwa biyu a tambayi kowa a huta da yawo? Abin da ya hana shi ne maƙwabta sukan yi kama da juna, rijiya ɗaya suke ja, amsar mutum ɗari a layi ɗaya ba ta fi ta mutum goma nisa ba sosai.

Akwai wata tsohuwar hanya da aka daɗe ana bi wajen binciken allurar rigakafi, inda ake tsayawa tsakiyar gari a juya alƙalami a ƙasa, a bi inda ya nuna, daga gida zuwa na kusa da shi. Tana da arha, amma ni ban yarda da ita a gari irin Jibia ba, domin takan tara mai bincike a tsohon gari kusa da masallaci da kasuwa, ta bar sababbin unguwannin gefe inda baƙi suke. Haka nan mai unguwa, wajibi ne a fara gaishe shi a nemi izininsa, ya kuma nuna iyaka, amma ba shi zai nuna gidan da za a shiga ba.

Gidan da aka tarar a rufe ba a musanya shi da na maƙwabci, sai a koma har sau uku a lokuta dabam-dabam, a kuma kauce wa ran Lahadi da lokacin da ake gona. Shugaban aiki ya koma wasu gidajen da kansa, ya gwada jerin da ƙirgar ƙofofin farko. In tukwane sun zo daidai da ƙofofi cif, alama ce ba a wuce zaure ba. Gunduwar da ƙuri'a ta faɗa mata amma hanya ba ta da aminci, kada a jefa ran kowa cikin haɗari, kada kuma a sa wata a madadinta a yi shiru: a rubuta a rahoto cewa ba a je ba, a faɗi yawan iyalan da ake zaton suna can, a bayyana cewa ƙiyasin bai haɗa da su ba.