MAI ƊAGA ƘARFE A WATAN RAMADAN: YAUSHE ZAI YI, KUMA ME ZAI CI?



'Yan uwa matasa masu zuwa gidan motsa jiki sun yawaita tambayata: "Malam, mu ajiye ƙarfe sai bayan Sallah, ko yaya?" Amsata ita ce kada ka ajiye, amma ka sauya lokaci, ka kuma gyara cin abincinka.

Mu fara da lokaci. A Kano azuminmu yana kai awa 13 zuwa sama. Wanda ya shiga ɗaga ƙarfe bayan La'asar ya yi kusan awa 11 bai sha ruwa ba, zai ƙara zubar da gumi, kuma babu halin mayarwa sai Magariba. Daga nan jiri da ciwon kai suke zuwa. Ta fuskar fiƙihu ma, motsa jiki mubahi ne, azumi kuwa farilla, bai halatta ka jefa kanka cikin wahala da gangan sannan ka ce lalura ta sa ka sha azumi ba. Amma idan abin ya riga ya faru, mutum yana ganin duhu ko hankalinsa ya fara gushewa, to ya sha ruwa, ya rama daga baya.

Lokacin da na fi so shi ne bayan Tarawihi: ka ci, ka sha, abincin ya sauka. Minti 45 ya isa, sau uku a mako. Kada ka rage nauyin ƙarfen, yawan zagayen za ka rage. Idan da zagaye biyar kake yi, koma uku da nauyinka na da, domin nauyin ne yake sa jiki ya riƙe tsoka.

Sai abinci, kuma a nan aka fi yin kuskure. Mu ɗauki matashi mai kilo 70. Mai ɗaga ƙarfe yana buƙatar kamar giram 1.6 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. Nasa ya kama kusan giram 110. Ba zai iya tura wannan a zama ɗaya ba, sai ya raba uku.

Ya buɗe baki da dabino da ruwa kamar yadda Sunna ta koyar, ya yi sallah, sannan ya ci shinkafa da wake da kifi kamar girman tafin hannunsa. Kofin dafaffen wake yana ba da kamar giram 13, kifin kuma sama da 20. Bayan motsa jiki ya samu tsire ko kaza gwargwadon wancan kifin, da kofin kindirmo mai kamar giram 8. Da sahur ƙwai uku, kowanne giram 6, da kindirmo, da alale ko ragowar wake. Lissafi ya cika. Wanda aljihunsa bai kai nama kullum ba, ga awara da ƙuli-ƙuli. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a cika ciki da kunu mai sukari da soyayyar doya da lemon kwalba, a ce an ci abinci. Ciki ya cika fal, tsoka ba ta samu komai ba, ga kasala a sahun Tarawihi.

Jinkirta sahur Sunna ce, kuma a nan za ka ga amfaninta a jikinka. Wanda ya ci da sha biyun dare ya kwanta ya ƙara wa kansa kusan awa biyar na yunwa.

Ruwa kuma a bi shi da kaɗan-kaɗan. Mai motsa jiki lokacin zafi ya nufi kamar lita uku, wato leda shida ta fiya wata: ɗaya da buɗa baki, ɗaya bayan abinci, ɗaya wajen Tarawihi, biyu lokacin motsa jiki da bayansa, ɗaya da sahur. Masu kwankwaɗar lita guda ana dab da kiran Asuba, mafi yawansa fitsari zai tafi kafin hantsi. Idan fitsarinka na safe ya yi duhu kamar ruwan shayi, ruwan daren jiya bai isa ba.

Kada ka firgita idan sikeli ya nuna ka ragu da kilo ɗaya ko biyu a makon farko, yawanci ruwa ne. Alamar da za ka lura da ita ita ce ƙarfinka: idan nauyin da ka saba ɗagawa sau takwas ya koma sau biyar, mako biyu a jere, to abinci ko barci ya gaza. Ƙara abincin bayan motsa jiki, ka nemi ƙailula.

Goman ƙarshe kuwa na Tahajjud ne. Sau biyu a mako na rabin awa ya isa ya riƙe maka tsokarka har Sallah. Mai ciwon sukari ko hawan jini ko ƙoda, ya fara ganin likitansa kafin ya bi wannan tsari.

Wallahu a'alam.