Ɗaukar Hoton Fuskar Kwamfuta Ba Tare Da Danna Maɓalli Ba

A ce wani dattijo a zangon Kumasi ya biya kuɗin makarantar ɗansa ta kwamfuta, shaidar biya ta fito a fuskar na'urar, yana son ya ɗauki hotonta kafin ta ɓace. Ga maɓallin PrtScn ya lalace, ga hannunsa yana rawa. Yaya ke nan?

A cikin Windows 11 akwai allon maɓallai wanda ke fitowa a fuskar na'urar, a kan taɓa shi da linzami. Dattijon sai ya shiga Settings, ya zaɓi Accessibility, sa'an nan Keyboard, ya kunna On-screen keyboard. PrtScn yana ta ɓangaren dama.

Amfanin wannan allo shi ne ba a bukatar danna maɓallai biyu lokaci guda. In ya taɓa maɓallin Windows, sai ya canza launi, ya tsaya a danne yana jira. Da ya taɓa PrtScn, fuskar za ta dushe kaɗan, watau alamar an ɗauka ke nan. Hoton kuwa yana cikin Pictures, ƙarƙashin Screenshots. In dannawa da linzami ma tana ba shi wuya, sai ya shiga Options ya zaɓi Hover over keys. Daga nan ya isa ya tsai da kibiya bisa maɓalli na ɗan lokaci, shi ke nan ya dannu.

Amma fa akwai tarko guda. Allon nan kullum yana bisa sauran tagogi, saboda haka shi ma ya kan fito cikin hoton. In ya rufe lambar shaidar, aikin ya zama na banza. Lalle ne a ja shi gefe tukuna, bayan an ɗauka kuma a buɗe hoton a duba kafin a rufe shafin.

Wanda ko linzamin ya gagare shi, sai ya koma ga murya. Tun 2022 Windows 11 ke da Voice access, ana kunna shi a Accessibility, ƙarƙashin Speech. Sai ya ce "Open Snipping Tool", sa'an nan "Show numbers". Lambobi za su bayyana bisa kowane abin da a ke iya taɓawa. Ya fara zaɓen ɗaukar fuska duka, gama zana iyakar hoto da murya aiki ne mai wuya, kana ya ce "Click New".

Abin lura, na'urar ba ta jin Hausa tukuna, sai dai a ba ta umarni da Turanci ko wani harshen da ta sani. Ta kan rubuta abin da ta ji a can sama. In rubutun ya saɓa da abin da aka faɗa, a kashe rediyo ko fanka, a matso kusa, a maimaita sannu a hankali.