Yadda ake sabunta hayar shago a Gidan Waya da kuɗin da ba zai motsa ba

A Gidan Waya, cinikin shagunan da ke kusa da Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna yana tafiya ne da ɗalibai. Idan suna zango kasuwa ta buɗe, idan sun tafi dogon hutu ta kwanta. Mai gidan haya ya san haka, kuma ba ya son wa'adi ya ƙare a tsakiyar hutu, shagonsa ya yi watanni da kwaɗo a ƙofa. Da wannan ɗan haya zai shiga ciniki.

Da farko ya duba rasit ɗinsa ya tabbatar da ranar ƙarewar haya, ya fara magana saura wata huɗu zuwa shida. Wanda ya bari sai wa'adi ya cika, roƙo zai je yi.

Sai lissafi, kafin a taka ƙofar kowa. A ɗauki misalin wata mai shagon buga takardu da ke biyan naira 120,000 a shekara, mai gida kuma ya saba ƙara 30,000 duk shekara. Idan aka tafi a haka, shekaru uku masu zuwa za su ci 150,000 da 180,000 da 210,000, jimla 540,000. Ita sai ta yi tayin 170,000 tsayayye har shekara uku, wato 510,000. Ta rage 30,000, ta kuma san abin da za ta riƙa ajiyewa duk wata. Shi kuwa a shekarar farko ya sami ƙarin 20,000 a kan abin da ya sa rai.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a nemi mai gida ya tsaya a tsohon farashi. Ba zai yarda ba, kuma yana da gaskiya. Tun cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin siminti da kwanon rufi suka tashi, hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Duk wanda ya ɗaure haya shekara uku ya san naira za ta zaizaye a hannunsa. Saboda haka sai an ba shi abin da zai gani da ido: ko a biya shekara biyu a dunƙule, 340,000 a misalin nan, ko ɗan haya ya ɗauki gyaran rufin da ke yoyo da damina. Amma kada mai shago ya zuba jarinsa duka a haya ya bar kantoci wayam.

Ranar magana, a je gida, ba a tare dattijo a bakin titi. Bayan gaisuwa sai mai shagon buga takardun nan ta ce: “Baba, na ji daɗin zama a shagonka, kuma ban taɓa saɓa ranar biya ba. Ina so mu yi shekara uku a kan magana ɗaya, ni in ƙara yanzu, kai kuma ka huta da neman ɗan haya.” Ta ajiye rasit ɗinta a gabansa. Idan ya ce zai yi shawara da ’ya’yansa, ta ba shi mako ɗaya ko biyu. Idan ya ƙi, akwai tsakiya: shekara biyu ba ƙari, ta uku a ƙara kashi goma cikin ɗari, a rubuta adadin tun yanzu.

Me ya sa uku? Hayar da ta wuce shekara uku tana buƙatar cikakkiyar takardar lauya da rajista, wadda a Jihar Kaduna aikin hukumar KADGIS ne, kuma ɗawainiyar ta fi ƙarfin ƙaramin shago.

Da zarar an daidaita, a rubuta. Takardar ta ƙunshi sunaye, da inda shagon yake, da ranar farawa da ta ƙarewa, da kuɗin a lamba da haruffa, da cewa ba ƙari a kan abin da aka rubuta har wa'adi ya cika. A fayyace wanda zai biya kuɗin wuta, da yadda za a mayar da ragowar kuɗi idan mai gida ya karɓe shagon kafin lokaci, da cewa idan an sayar da ginin mai saye zai mutunta yarjejeniyar. Lauya a Kafanchan zai iya dubawa ya kai a biya kuɗin hatimi.

Inda aka fi shiga rigima shi ne ginin gado. Ɗa ɗaya ya karɓi kuɗin shekara biyu, bayan wata uku ƙaninsa ya dawo daga Jos ya ce bai san zancen ba. Alamar tana bayyana tun wuri: mai karɓar kuɗi yana gaggawa, yana guje wa shaidu, ko ya ce a tura a asusun wani. A irin wannan gida, a nemi wanda iyali suka wakilta ya sa hannu, wani magajin ya yi shaida tare da mai unguwa, a biya ta banki da sunan da ke kan takardar, kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa.