Amsoshin Tambayoyinku: Shiga Shataletale da Fita Lafiya

A Nijar ana tuƙi ta hannun dama, saboda haka mota kan zagaya shataletale tsibirin yana hagunta. Tambayar mai sauraro daga Katako a Yamai ita ce, wa ke da hanya? Inda aka kafa alama mai kusurwa uku, tsininta ƙasa, mai shigowa ne zai dakata wa na ciki. Inda babu ita, ana bai wa na dama hanya. Danja da hannun ɗan sanda sun shafe duka biyun.

Tun daga nesa ake zaɓen layi. Direban da ya ɗauko katako daga kasuwa, in mafita ta farko zai bi, ya riƙe layin dama da siginar dama. In ta uku zai bi, ya kama layin ciki da siginar hagu. Da ya wuce mafita ta biyu sai ya mayar da siginar zuwa dama, ya duba madubi, ya waiwaya, domin nan ne 'yan kabu-kabu ke kutsowa. In babu sarari, ya sake zagayowa. Yanke layi ganganci ne.