Daga Hausa Zuwa Turancin Na'urar Zana Hoto: Yadda Ake Kiyaye Sutura da Muhalli

Gabatarwa

Tun daga shekarar 2022, lokacin da aka fito da manhajoji irin su DALL-E 2 da Midjourney da Stable Diffusion, ya zama abu mai sauƙi mutum ya rubuta jimla ɗaya ko biyu, na'ura ta zana masa hoto. Jimlar da ake rubutawa ita ake kira umarni. Sai dai malamai da ɗalibai a ƙasar Hausa sukan tarar da wata matsala: da Hausa suke tsara abin da suke so, na'urar kuwa Turanci ta fi ji. Idan aka fassara tunanin kalma bayan kalma, sai a sami Bahaushe cikin suturar wata ƙasa, a tsaye a gonar da ba a taɓa gani a nan ba. Wannan darasi zai bi misali ɗaya daki-daki, domin ya nuna cewa abin da ya kamata a fassara wa na'ura shi ne kamannin abu, domin sunansa kaɗai ba ya wadatarwa.

Dalilin da ya sa na'ura ke kuskure

Na'urar zana hoto ba ƙamus take dubawa ba. An horar da ita ne ta hanyar nuna mata ɗimbin hotuna, kowanne da ɗan bayanin da aka rubuta a jikinsa. Alal misali, tarin hotunan da ake kira LAION-5B, wanda aka fitar a 2022, ya ƙunshi hotuna kusan biliyan 5.85 da aka kwaso daga intanet, kuma kimanin biliyan 2.3 daga cikinsu da Turanci aka yi bayaninsu. Daga wannan sashe na Turanci aka horar da Stable Diffusion na farko.

Saboda haka idan aka rubuta wa na'ura wata kalma, abin da take zanawa shi ne irin siffar da ta fi ganin kalmar tare da ita. Mafi yawan hotunan nan kuwa daga Turai da Amurka da Asiya suka fito. Kalmomi irin su malafa da fangali da rumbu da wuya a ce ta gamu da su yadda za ta san kamanninsu, takwarorinsu na Turanci kuma kamannin wasu ƙasashe ne manne da su.

Misali daga Mungadi

A ƙaddara wani malamin ilimin aikin gona ne a wata makarantar sakandare a Mungadi, cikin ƙaramar hukumar Maiyama ta Jihar Kebbi. Yana shirin koyar da noman rani, kuma ya zaɓi albasa, tun da yankin Aliero da Jega da Maiyama sananne ne wajen nomanta. Hoton da yake so ya liƙa a allo shi ne: manomi sanye da 'yar shara da malafa yana ban ruwan albasa a fadama lokacin hunturu, ga giginya da rumbu can bayansa. Da ya bi ƙamus, ga abin da zai rubuta:

```
A farmer in a shirt and hat watering onions in a swamp
in winter, with a barn and a palm tree behind him
```

Jimlar ba ta da aibu ta fuskar nahawu, amma kusan kowace kalma a cikinta tarko ce. Kalmar `winter` a hotunan Turawa tana tafiya da ƙanƙara da rigunan sanyi masu kauri, alhali hunturun Kebbi hazo ne da ƙura da busasshiyar iska. Kalmar `swamp` takan jawo ruwa kwance da duhun itatuwa, alhali fadama a lokacin rani fili ne da aka yanka fangali-fangali. Kalmar `barn` takan kawo jan ɗakin katako irin na gonakin Amurka. Ita kuwa `palm tree` galibi bishiyar kwakwa ta bakin teku take haifarwa.

Wannan kuskure na ƙarshe ya fi sauran illa a aji. Ganyen kwakwa dogo ne mai kama da gashin tsuntsu, ganyen giginya kuwa a baje yake kamar mafici, kuma gangar jikin babbar giginya tana da kumburi a wajen sama. Ɗalibin da aka nuna wa kwakwa aka ce masa giginya ce, an gurɓata masa abin da idonsa ya riga ya sani tun yana ƙarami.

Dabarar masana halittu

Masu nazarin tsirrai sun daɗe da sanin cewa sunan gargajiya ba ya ƙetare iyakar harshe. Shi ya sa idan suka tsinko wani tsiro sukan rubuta siffofinsa: tsarin ganye da launi da tsayi da wurin da ya tsiro. Haka ya kamata a yi wa kowane abu da ke cikin umarni. Kafin a taɓa Turanci, sai a yi wa abin tambayoyi huɗu da Hausa: da me aka yi shi, yaya siffarsa take, mene ne launinsa, kuma a ina yake zaune cikin hoton?

A ɗauki 'yar shara. Riga ce ta yadin auduga, sakakkiya, marar hannu, tana sauka wajen gwiwa. Wannan bayanin ne za a mayar Turanci, ya zama `loose sleeveless knee-length cotton tunic`. Malafa kuwa saƙa ce ta kaba mai faɗin baki, don haka sai a ce `wide-brimmed woven palm-leaf hat`. Rumbu ginin laka ne kewayayye mai jinkar ciyawa. Fangalin albasa ƙaramin fili ne mai kusurwa huɗu da ya ɗan zurma ƙasa, an kewaye shi da ƙaramar kunya domin ya riƙe ruwa. Dole a faɗi wannan zurmawa, domin a yawancin hotunan lambun Turai tudu ake yi wa shuka. Ita giginya tana da gata, domin tana da sunan kimiyya, wato Borassus aethiopum, wanda akan rubuta a jikin hotunanta a ko'ina cikin duniya. Idan aka haɗa sunan da siffar ganyen, an kusantar da na'ura ga abin da ake nufi. Ga umarnin bayan gyara:

```
Photo of a Hausa farmer, northern Nigeria, loose sleeveless
knee-length blue cotton tunic, wide-brimmed woven palm-leaf
hat, irrigating onions in small sunken square beds with a
pump hose, hazy dusty harmattan sky, one tall Borassus fan
palm, round mud granary with thatched roof far behind
```

Mai karatu zai lura ba a ambaci Mungadi ba. Sunan ƙaramin gari ba ya ƙara wa na'ura haske, tun da hotunan da ke ɗauke da shi kaɗan ne. An wadatu da ambaton arewacin Nijeriya, siffofin da aka lissafa kuma su ne suka tsaya a madadin sunan garin.

Tsawon umarni da jerin kalmomi

Akwai iyaka ga yawan bayanin da za a zuba. Stable Diffusion na farko yana karanta umarni ta hanyar wani sashe mai suna CLIP, wanda kamfanin OpenAI ya fitar a 2021. Wannan sashe yana daddatsa jimla gutsure-gutsure, kuma ba ya ɗaukar fiye da gutsure 77, biyu daga ciki alamomin farko da ƙarshe ne. Kalma sananniya gutsure ɗaya ce, baƙuwar kalma takan kasu biyu ko uku, hatta waƙafi ma ana lissafa shi. Umarnin da ke sama kalmomi 45 ne, amma ya kusa cika mudun. Sababbin na'urori suna ɗaukar fiye da haka, sai dai duk da haka hikima ita ce a fara da abin da ya fi muhimmanci, wato mutum da suturarsa, sannan aikinsa, sannan abin da ke nesa.

Wani abin lura kuma shi ne kore magana. Idan aka rubuta `no snow` a cikin umarni, na'ura ta riga ta ga kalmar ƙanƙara, kuma tana iya zana ta. Wasu manhajoji suna da wani gurbi dabam mai suna `negative prompt`, inda ake jera abubuwan da ba a so. A nan ne malamin zai rubuta `snow, coconut palm, wooden barn`. Inda babu gurbin, sai a ƙarfafa bayanin abin da ake so, a bar ambaton wanda ba a so.

Duba sakamako

Ba a karɓar hoton farko ido rufe. Sai a ɗauko jimlar Hausa ta asali a bi ta abu bayan abu. Shin ganyen albasar siriri ne zagayayye mai tsini, ko na'ura ta ba shi faɗi kamar na masara? Shin launin rigar bai malala ya rina malafar ba? Wannan malala tana yawan faruwa idan aka ambaci launuka da dama a jimla ɗaya. Shin malafar ba ta rikiɗe ta zama hular manoman shinkafa na Asiya ko ta makiyayan Amurka ba?

Idan za a gyara, sai a bi ƙa'idar ɗakin gwaji, wato a sauya abu ɗaya a bar sauran yadda suke. Manhajoji da yawa suna da wata lamba mai suna `seed`, wadda ke ƙayyade inda zanen zai faro. Idan aka tsayar da ita, aka sauya bayanin malafa kaɗai, bambancin da aka gani daga wannan sauyi ya fito. Wanda ya sauya abu uku a lokaci guda ba zai san wanda ya yi aiki ba.

Kammalawa

Akwai inda bayani ba ya kaiwa. Abin da na'ura ba ta gani da yawa ba, kamar tsarin aikin wuyan babbar riga ko irin naɗin rawanin sarakuna, sau da yawa kwatankwacinsa kawai take yi. Idan darasin yana bukatar ainihin siffa, hoton da malami ya ɗauka da wayarsa a fadama ya fi na na'ura inganci.

Domin gwaji a aji, a ba ɗalibai wannan jimla: mace sanye da zane da kallabi tana sayen albasa a kasuwar Jega. Ƙamus zai ba su `wrapper` a matsayin zane, kalmar da kuma ake nufin takardar naɗe alewa da ita. Kowane ɗalibi ya amsa tambayoyin nan huɗu a kan zane da kallabi da buhun albasa da rumfar kasuwa, da Hausa tukuna, sannan ya rubuta umarninsa na Turanci wanda bai wuce kalmomi 45 ba.